Ciwon baya: inda muke yin abin a birkice

Wani maƙwabcina, ɗan dako a nan Sakkwato, ya sunkuya zai ɗaga buhun albasa sai ƙugunsa ya riƙe. 'Yan uwa suka ce ya kwanta sai ya warke. Kwana goma yana kan tabarma, an yi ƙaho, an sha jiƙon basir, ranar da ya miƙe kuwa bayan ya fi da sandarewa.

Ni dai a ganina muna yin abin nan a birkice. Ciwon da ke son motsi muna kwantar da shi, wanda ke son asibiti kuma muna zama da shi a gida.

Kusan tara cikin goma na ciwon ƙasan baya ba a samun wata takamaimiyar cuta a tattare da shi, kuma yawanci yakan lafa cikin mako shida. Doguwar kwanciya na sa naman da ke tallafe da ƙashin baya ya yi rauni, gaɓoɓi su ƙage, tsoron motsi ya shiga zuciya. Da maƙwabcin nan ya huta yini ɗaya ko biyu, sannan ya fara tattaki na minti goma sau uku a rana, da sanyin safiya da bayan la'asar, yana ƙarawa a hankali, da ya fi saurin komawa kasuwa. Buhu ne zai dakata da shi, ba tafiya masallaci ba; in tsayuwa ta gagara, ya yi salla a zaune. Ɗan zafin da ake ji wajen motsi ba ya nufin ana ƙara ɓarna. A kuma yi hattara da diklofenak ɗin kemis: shan sa kullum, ga zafin garin nan ga ƙarancin shan ruwa, yana taɓa ƙoda da ciki.

Amma akwai mai ciwon bayan da ba a ce masa ya yi tattaki. In fitsari ya ƙi fita, ko yana zuba ba a sani ba, ko bayan gida na kufcewa, ko tsakanin cinyoyi da mazaunai sun mutu har mutum ba ya jin ruwa lokacin tsarki, ko ƙafafu suna ƙara rauni, to mai yiwuwa jijiyoyin ƙarshen laka ne aka danne. Wannan lissafin awoyi ne, domin jinkiri na iya barin mutum da nakasa ta dindindin. A nufi sashen gaggawa a ranar, kamar na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Kunya ce ke cutar mu a nan, dattijo ba ya iya gaya wa ɗansa yana jiƙa wando.

Haka ciwon da ya biyo faɗuwa daga kabu-kabu: likita tukuna, kafin maɗori. Wanda kuma ya zo da zazzaɓi, gumin dare da rama, ko yake hana barci ko an kwanta, a bincika tarin fuka na ƙashin baya, ko daji, musamman ga wanda ya taɓa ciwon dajin mama ko na mafitsara.