Minti biyu

Kun dai san jadawalin da na manna a bayan ƙofar ɗakinmu a zangon ƙarshe: bayan Asuba awa biyu na IELTS, jarrabawar ƙwarewa a Turanci, saboda tallafin karatun digiri na biyu, bayan Isha'i firojet. Sati biyu ya yi a raye. Ranar da malam ya dawo min da babi na uku jajir da biro, Asuba da Isha'i duk suka koma hannun firojet.

Jarrabawar kashi huɗu ce: sauraro, karatu, rubutu da magana. Ɗan lokacin da ya rage na zuba shi a karatu, tambaya 40 cikin awa ɗaya, don shi ne ake iya yi a kwance. Magana kuwa ko layi ban ba ta a jadawalin ba. Shekara huɗu ina jami'a, Turanci ne zai gagare ni?

Mutumin gadon sama ya yi alkawarin zai riƙa riƙe min agogo ina gwaji. Sau ɗaya muka zauna, ya ce sai na fara sayo masa awara. Shi ne dai wanda ya ari abin sauraren kunnena tun aji uku, ya dawo da shi kunne ɗaya na aiki, har yau yana rantsuwa haka ya karɓa.

Ranar magana aka miƙo min kati da fensir: bayyana wani abu da ka taɓa gyarawa. Minti ɗaya na shiri, sannan ka yi ta zuba har minti biyu. Na rubuta "fanka", na zauna ina kallon kalmar har mintin ya ƙare. Na ce fankarmu ta lalace. Na ce na gyara ta. Na ce na ji daɗi. Ko sakan talatin ban ci ba. Matar da ke jarraba ni ta ɗaga gira, ta juya hannu alamar in ci gaba, na'urar ɗaukar murya na nan tsakaninmu tana naɗar shiruna. Sai na ji bakina ya ce, da Hausa tsantsa, "To, shi ke nan dai." Da na ga har yanzu jira take, na kama abin da kawai na haddace a duniya, gabatarwar firojet ɗina, na shiga yi mata bayanin tasirin takin zamani ga masara. A kan fanka.

Sakamako ya fito: karatu 7.5, sauraro 6.5, rubutu 6, magana 5.5. An haɗa an raba huɗu an cike, 6.5, daidai abin da jami'ar ke nema. Har na kira Umma. Daga baya na karanta ƙasan shafin: kada kowane kashi ya gaza 6.

Mutumin gadon sama ya ce ai da na sayi awarar. Fankar ma ba ni na gyara ta ba.