Layin farko a jerin ƙararrawa ba lallai shi ne mai laifi ba

Duk lokacin da tashar lantarki ko matatar mai ta tsaya ba shiri, tambayar da ake fara yi ɗaya ce: me ya fara? Cikin daƙiƙa biyu ko uku ƙararrawa ɗari na iya tashi, kuma kusan dukkansu sakamako ne na abin da ya riga ya faru. Don haka aka tanadi tsarin da ake kira SOE, wanda ke rubuta kowane canji, buɗewar makunni ko rufewar bawul, tare da lokacinsa har zuwa milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Injiniya ya buga jerin, ya dubi layin sama, ya ce ga mafarin. Ra'ayina shi ne wannan ɗabi'a tana da haɗari matuƙar ba a tabbatar da cewa agogo ɗaya ne ya rubuta layukan ba. Jerin da aka haɗa daga agogunan da suka saɓa ya fi rashin jeri illa, domin yana zuwa da lambobi uku bayan ɗigo, kuma ba mai son yin musu da irin waɗannan lambobi.

Abubuwa biyu ne ake yawan cakuɗawa. Na'ura na iya rarrabe abin da ya faru a milisakan na 785 da wanda ya faru a na 786, amma wannan bai nuna cewa agogonta daidai yake ba. Takardar mai sayarwa kan yi alfahari da na farko. Na biyun kuwa aikin masu tashar ne, kullum.

Mu ɗauki misali. Janareta ce da tabain na tururi ke juyawa, mai zagaye 3000 a minti, tana ɗauke da cikakken lodi. Da tsakar dare ta tsaya. Da safe aka haɗa bayanan rilen kariya na janareta, wato na'urar da ke yanke wuta in an sami matsala, da na DCS, babban tsarin da ke sarrafa tashar, sai aka sami wannan:

```
02:14:05.785  GEN BREAKER OPEN     RELAY
02:14:05.950  LUBE OIL PUMP A OFF  DCS
02:14:07.210  LUBE OIL PRESS LOW   DCS
02:14:07.260  TURBINE TRIP         DCS
```

Labarin da jerin ke bayarwa yana shiga hankali sosai. Birekar janareta, wato babban makunnin da ke haɗa ta da layin wuta, ita ta fara buɗewa. Wutar cikin gida ta girgiza. Bayan milisakan 165 famfon man giris ya mutu. Matsin mai ya faɗi. Tabain ya tsaya. Sai a ɗora laifi a kan masu lantarki, a kira ƙwararru su gwada bireka da rile, a yi kwanaki ana nema, a ƙarshe a rubuta cewa ba a ga komai ba, a tayar da inji. Matsalar kuma tana nan inda take, tana jiran wani daren.

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Mai bincike na gaske zai fara tambayar ko injin da kansa ya yarda da wannan labari. Idan bireka ta buɗe a kan cikakken lodi, alhali tururi na ci gaba da kwarara, tabain ya rasa abin da ke riƙe shi, kuma gudunsa zai yi tsalle nan take. Mai sarrafa gudu zai hanzarta matse bawul, ƙarfin wutar da ake fitarwa zai koma sifili. Jerin ya ce an yi kusan daƙiƙa ɗaya da rabi a cikin wannan hali kafin tabain ya tsaya. In aka duba zanen gudu da na megawat aka tarar suna kwance lafiya har zuwa 02:14:07, to layin farko ƙarya yake faɗa.

Mataki na biyu shi ne a nemo abu ɗaya da agogunan biyu duka suka gani. A nan akwai shi. Lokacin da tabain ya tsaya, ya aika wa rilen umarni ta waya cewa ya buɗe bireka. DCS ya rubuta fitar umarnin a 07.260. Rilen, a cikin nasa kundin, ya rubuta isowar umarnin a 05.715. Saƙo ba ya isa kafin a aika shi. Bambancin daƙiƙa 1.545 ne, a ƙara wajen milisakan 10 da ƙaramin rilen da ke tsakani ke ci, sai a gane agogon rilen yana baya da kusan daƙiƙa 1.555. Da zarar an ƙara wannan a kan layin bireka, sai ya koma 07.340, wato milisakan 80 bayan tsayuwar tabain, daidai inda ya kamata ya kasance. Bireka ba ta yi laifin komai ba, umarni ta bi. Famfon mai ne ya fara mutuwa, kuma tambayoyin da suka dace biyu ne: me ya saki makunninsa, kuma me ya hana famfo na biyu karɓar aiki cikin daƙiƙa ɗaya da kwata da matsin ya yi yana faɗuwa?

Ta yaya agogo ke zamewa haka? Rilen na karɓar lokaci daga agogon GPS na tasha ta siginar lokaci mai suna IRIG-B. Wani ya taɓa waya yayin gyara, ko mahaɗi ya yi tsatsa, siginar ta yanke. Rilen bai tsaya ba, ya ci gaba da ƙirga lokaci da nasa agogon na ciki. Ko agogon da kuskurensa bai wuce kashi 2 cikin miliyan ba, wanda abin yabo ne, yana zamewa da kusan daƙiƙa 0.17 kowace rana. A kwana tara ya kai 1.555 ɗin nan. Mai kuskuren kashi 10 cikin miliyan kuwa yana yin daƙiƙa 0.86 a rana ɗaya tak. Ba wanda zai lura ta kallon allo, tunda awa da minti duk daidai suke.

Wannan ba matsalar ƙananan tashoshi ba ce kawai. Bayan ɗaukewar wuta ta 14 ga Agusta, 2003, wadda ta shafi mutane kusan miliyan 50 a Amurka da Kanada, masu bincike sun sha wahala wajen jera abubuwan da suka faru saboda na'urori da yawa ba a daidaita agogunansu ba. Rahoton da suka fitar a 2004 ya ba da shawarar a wajabta na'urorin rikodi masu lokaci ɗaya, kuma ƙa'idar PRC-002 ta NERC, hukumar da ke kula da amincin layukan lantarki a Arewacin Amurka, tana buƙatar agogon irin waɗannan na'urori ya kasance cikin milisakan 2 na UTC, wato lokacin bai-ɗaya na duniya.

To amma ko agoguna duk sun daidaita, da sauran rina a kaba, domin akwai batun inda ake buga lokacin. Katin SOE na gaske yana bugawa a bakin waya, da zarar makunni ya motsa. Siginar da ta shigo ta kati na yau da kullum kuwa sai mai sarrafawa ya zagayo kanta, kuma zagayen na iya zama milisakan 100, ko 500, ko daƙiƙa guda. Duk abin da ya faru a cikin zagaye ɗaya lokaci ɗaya zai samu. Mafi muni shi ne abin da ya zo ta Modbus, wata hanyar aika bayanai tsakanin na'urori, domin wannan hanya ba ta ɗauke da lokacin aukuwa a tsarinta: ranar da saƙo ya iso ita ce ranar haihuwarsa. Wasu hanyoyin, kamar DNP3 da IEC 60870-5-104 da IEC 61850, suna iya kawo lokacin daga tushe, amma sai in an saita su haka, kuma sai in mai karɓa bai shafe ya sa nasa ba. Sannan kowace sigina tana da nata jinkirin kafin ta iso: matatar da ke hana rawar makunni, ƙaramin rile a tsakani, da lafawar da ake sa wa ma'aunin matsi, wadda kan kai daƙiƙa. Saboda haka idan layuka biyu sun bambanta da milisakan 5, ɗaya kuma ya bi ta rile mai cin 15, ba wanda ke da hujjar cewa wannan ya riga wancan. Rahoto mai gaskiya zai rubuta hakan a fili.

Akwai masu cewa maganin shi ne a koma PTP, wato IEEE 1588, wanda ke iya daidaita agoguna zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa. Ban ƙi ba, inda ake auna kusurwar wuta ko ake aika samfuran awo ta hanyar sadarwa, ana buƙatarsa. Amma don gano abin da ya fara tsayar da inji, IRIG-B ya wadatar, kuma NTP, tsarin da kwamfutoci ke daidaita agogonsu da shi, a kan hanyar sadarwa ta cikin gida da aka tsara da kyau yakan tsaya cikin 'yan milisakan, abin da ya ishi kwamfutocin ma'aikata da ma'ajiyar tarihi. A misalinmu ba ƙarancin inganci ne ya ɓatar da mutane ba. Waya ce ta yanke kwana tara ba wanda ya sani. PTP ma in ya yanke haka zai yi shiru.

Abin takaici shi ne galibin rile na zamani sun san sun rasa lokaci. A IEC 61850 kowane tambarin lokaci na tafe da alamar inganci, cikinsu har da `ClockNotSynchronized`, wato agogo bai daidaita ba. Sai dai sau da yawa alamar kan mutu a hanya, ba ta isa allon mai aiki ba, ba ta kuma fito a jerin da aka buga ba. Ina ganin rashin daidaiton agogo ya cancanci ƙararrawa irin ta kowace na'urar kariya da ta samu naƙasa, da mutumin da aka ɗora wa alhakinta. Yau agogon GPS kan zauna a tsakanin sashen lantarki da sashen na'urorin awo da masu kwamfuta, kowa na zaton na ɗan'uwansa ne.

Gwajin kuma ba shi da tsada. A lokacin babban gyara, a ɗauki makunni ɗaya mai baki da yawa, a haɗa shi da shigar kowace na'ura mai rubuta SOE: DCS, mai sarrafa tabain, tsarin tsayarwar gaggawa, rilen janareta. A danna shi sau da dama, a kwatanta lokutan. Duk wadda ta kauce fiye da 'yan milisakan a bi ta. Ya fi kyau a bar sigina ɗaya ta dindindin, kamar buɗewar bireka, tana shiga na'urori biyu, ta yadda kowace tsayuwa za ta zo da ma'aunin kuskurenta. Kuma a adana komai da UTC, don kada sauyin awa na wasu ƙasashe ko kuskuren saitin yanki ya haifar da tazarar awa guda cif.

Ko bayan duk wannan, layin farko na nuna abin da ya fara ne a cikin abubuwan da aka haɗa wa waya. `LUBE OIL PUMP A OFF` ya ce makunnin famfo ya saki a 05.950. Bai ce wayar kwayil ce ta yi sako-sako ba, ko wutar da ke riƙe shi ce ta yi ƙasa na ɗan lokaci. In ba a sa wutar sarrafawar a cikin SOE ba, sai an je an buɗe akwatin famfon da mita a hannu, kuma gara a je kafin wani ya ɗaure sukurun ya tayar da inji.