Kafin ka karɓi farashi daga manhaja, duba kwanan watansa

Lokacin da aka fito da ChatGPT a watan Nuwamban 2022, iliminsa ya tsaya ne a wajajen Satumban 2021. Ba shi da labarin rasuwar Sarauniya Elizabeth ta biyu, alhali an fi wata biyu da jana'izarta. Haka duk manhajojin ƙirƙirarriyar basira irinsa suke. Ana tara rubuce-rubuce har zuwa wata rana, a rufe, a horar da manhajar a kansu, sai bayan watanni a sake ta ga jama'a, su kuma su yi ta amfani da ita shekara da shekaru.

Abin da ya fi damuna shi ne manhajar ba ta da agogo, kuma ba ta jin wucewar lokaci. Ko ranar da aka rufe mata karatu ba lallai ta faɗe ta daidai ba, domin a lokacin da aka tara rubutun, ba a gama rubutu a kan watannin ƙarshe ba, kaɗan ta gani. Saboda haka tana iya kawo farashin bara cikin natsuwa, kamar na safiyar yau.

A ganina, nauyin gyara yana wuyan mai ba ta bayani. Ɗauki mai son lissafin kuɗin giram 20 na zinariya. Kamata ya yi ya fara rubuta kwanan watan yau, sannan ya liƙa farashin daga inda ya amince da shi, haɗe da ranar da sa'ar da aka wallafa shi. Ya faɗi da wane kuɗi aka ƙiyasta, kuma na giram ne ko na oza. Ozar zinariya kusan giram 31.1 ce, don haka ruɗa su kaɗai ya isa ya ninka amsar fiye da sau talatin. Daga ƙarshe ya umarce ta da ta tsaya kan abin da aka liƙa, in wani abu babu a ciki ta ce babu. Wannan umarnin mutane suka fi mantawa, kuma in babu shi takan cike gurbin da tsohon karatunta.

Wasu za su ce ai yanzu manhajoji da yawa suna bincika intanet da kansu. Gaskiya ne, kuma ya rage matsalar sosai. Sai dai bincike yana iya jawo shafin da aka rubuta shekara biyu da suka wuce, ko rahoton farko na wani hatsari wanda daga baya aka gyara adadin mamatansa. Gane hakan ba wuya: amsar da ta zo ba kwanan wata, ko aka buɗe shafin da ta ambata aka ga adadin ya sha bamban, kada a ɗora ciniki ko labari a kanta.

Kamfanonin da ke haɗa manhajar da rumbun farashinsu su ma da nasu aikin. Kowane adadi ya riƙa fitowa da lokacin da aka sabunta shi, a inda mai saye zai gani.