Sabon Tayi Yana Kashe Na Farko

Ra'ayina shi ne yawancin rigimar da 'yan kasuwa suke kaiwa kotu da sunan an saɓa musu alkawari ta samo asali ne tun daga wurin ciniki, domin mutum yakan tashi da yaƙinin an ƙulla magana alhali a idon doka ba a ƙulla komai ba. A tsarin shari'ar Ingila da ƙasashen da suka gaji dokarta, yarjejeniyar kasuwanci ba ta ɗaure kowa sai an sami tayi bayyananne, an karɓe shi yadda yake, sannan kowane ɓangare ya ba da wani abu a madadin abin da zai samu, ko kuɗi ne, ko kaya, ko aiki, ko alkawarin ɗaya daga cikinsu.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wajen karɓar tayin. A 1840 wata kotu a Ingila ta yanke hukunci tsakanin Hyde da Wrench. Wrench ya ce zai sayar wa Hyde gonarsa a kan fam 1,000, Hyde ya ce zai biya fam 950, mai gona ya yi tunani ya ƙi sallamawa. Da Hyde ya ga haka sai ya rubuta cewa ya amince da fam 1,000 ɗin farko, ya nemi kotu ta tilasta cinikin. Kotu ta ce babu ciniki, domin a ranar da ya ambaci fam 950 ya yi watsi da tayin farko, ya kawo nasa sabo, kuma ba shi da ikon farfaɗo da wanda ya kashe da bakinsa. Mai gona yana iya sake tayin idan ya ga dama, amma babu mai tilasta shi.

Wannan hukuncin yana yi wa masu saye zafi, amma ni a ganina adalci ne, domin da doka ta bar mai saye ya yi ta gwada ƙananan farashi yana riƙe da na farko a aljihu, da mai kaya ya zama a ɗaure, ɗayan kuma yana sake. Sai dai tambaya daban take da sabon tayi. A shari'ar Stevenson da McLean ta 1880, mai sayen ƙarfe ya aika yana tambaya ko za a yarda a kammala cinikin a hankali cikin wata biyu, kotu kuwa ta ce wannan neman bayani ne, tayin farko yana nan da ransa. Saboda haka wanda ya ce "ko akwai ragi?" bai rufe ƙofa ba, wanda kuwa ya ce "ga abin da zan biya" ya rufe ta. Haka nan wanda ya rubuta "na amince, amma ku ne za ku biya kuɗin dako" bai karɓi tayi ba, ya ƙara sharaɗi, kuma ƙarin sharaɗi sabon tayi ne da ke jiran amincewar ɗayan.

Akwai kuma maganar da ta fi wannan yaudarar mutane, wato "na ajiye maka har Juma'a." A shari'ar Dickinson da Dodds ta 1876, Dodds ya rubuta cewa zai sayar wa Dickinson gidajensa a kan fam 800, kuma tayin zai tsaya har ƙarfe 9 na safiyar Juma'a. Ranar Alhamis Dickinson ya ji daga bakin wani cewa Dodds yana ciniki da wani mai saye, washegari ya yi sammako ya tare shi a tashar jirgin ƙasa da takardar amincewa tun lokaci bai cika ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce ya makara. Alkawarin jira kyauta aka yi masa, bai ba da komai a madadinsa ba, don haka Dodds yana da ikon janyewa, kuma labarin da ya riga ya iske Dickinson ya isa sanarwa. Dokar Jamus ta bi wata hanya, tana ɗaure mai tayi har wa'adin da ya ɗiba ya cika, wanda ya nuna cewa dole mai ciniki da ƙetare ya san dokar ƙasar da za ta hukunta yarjejeniyarsa.

A ƙarƙashin tsarin Ingila, mai son a jira shi sai ya sayi jiran. Ya biya wani abu, komai ƙanƙantarsa, domin kotu ba ta auna ko abin da aka bayar ya kai darajar abin da aka samu, tana duba dai ko an bayar. Sannan a rubuta ƙarara cewa an karɓi kuɗin ne a madadin riƙe kayan har rana kaza da ƙarfe kaza, a kuma fayyace ko za a cire shi daga farashi idan ciniki ya faɗa, da makomarsa idan mai saye ya fasa.