Saura ya fito, amma ba a gama rabawa ba

"Malam, ina son in rage (x³ − 2x² − x + 2)/(x² − 4x + 3). Na raba na sama da na ƙasa, sai saura 4x − 4 ya fito. Ke nan ba abin da ke raba su duka biyun?"

Akwai, ka tsaya da wuri ne. Abin da sauran nan ya nuna kawai shi ne na ƙasan bai shiga na saman daidai ba. A hanyar Yukilid, sai ka ɗauki wanda ka yi rabo da shi, ka raba shi da sauran, ka ci gaba har sifili ya fito. Dalili kuwa, duk abin da ya raba na sama da na ƙasa, dole ya raba sauran ma.

Raba 4x − 4 da 4, ka samu x − 1, don lamba zalla ba ta canza amsar. Raba x² − 4x + 3 da x − 1, za ka samu x − 3, saura sifili. Saura na ƙarshe kafin sifili, wato x − 1, shi ne mafi girman abin da ke raba su. Da a ce lamba zalla ce ta rage, kamar 5, to nan ne ba ya raguwa.

Yanzu raba sama da ƙasa da x − 1, ka samu (x² − x − 2)/(x − 3). Ka rubuta x ≠ 1 a gefe, domin a nan na ƙasan asali sifili ne.