Banki bai sace maka dala ba, Alhaji

Tun jiya ake yawo da muryar bawan Allahn nan na Agege, yana rantsuwa cewa banki ya cinye masa kuɗi saboda ƙaninsa ya turo dala 1,000 daga Jidda, shi kuma ya ga naira a farashin da bai kai na 'yan canji ba. Jama'a kuma sai taya shi Allah ya isa suke yi. To sannunku da ƙoƙari, amma babu wanda ya yi masa sata. Asusun naira ya bayar, kuma asusun naira ba ya riƙe dala.

Da asusun dala ya buɗe, wanda ake neman lambar BVN da katin shaida da masu tsaya wa mutum kafin a buɗe shi, aka kuma turo kuɗin daga banki zuwa banki ta SWIFT, da dalarsa ta zauna a matsayin dala, in ban da ɗan abin da bankunan da ke tsakani suke yanka a hanya. Ranar da ya ga dama ya cire ta, ya kai wa 'yan canjin Broad Street a Legas ya sayar. Kamfanonin aiken kuɗi kuwa, tun farkon 2024 Babban Banki ya umarce su da su biya da naira kawai.

Masu cewa ai dala dala ce, don me farashi zai zama biyu, ba su taɓa zuwa saye ba. Dalar banki tana da sharaɗi: sai ka cike Fom A don kuɗin makaranta ko asibiti, ko Fom M don shigo da kaya, sannan ka jira. Ɗan canji ba ya tambayarka takarda, nan take yake ƙirga maka, saboda haka duk wanda banki ya mayar sai ya gangara titi, farashin can ya hau. A watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a hukumance, a titi kuma wajen 750. Ka ga a dala 1,000 akwai tazarar naira 290,000, kuma wanda ya samu ta banki ya juyar a titi ya ci wannan riba yana zaune. Da aka saki farashin hukuma a Yunin shekarar, sai tazarar ta tsuke, domin dama ƙarancin dalar banki ne ya haife ta.

Wai titi ya fi adalci? Ka je da tsohuwar takardar dala 100 mai ƙaramin kai, ko tarin 'yan dala goma-goma, ka ji farashin da za a yi maka. Na ga wani ɗan canji ya ɗaga takarda sama, ya murza ta, ya ce da mai ita, "Baba, wannan ba shuɗiya ba ce, sai dai a rage," alhali a Amurka darajarta ɗaya da sabuwar takardar dala 100 mai launin shuɗi.