Janal kulob a wod: takarda guda, minti 40, sai a tashi da abin yi

'Yan uwa ma'aikatan jinya na Sakkwato, musamman sistoci masu riƙe da wod, ina da magana kan janal kulob ɗin nan da kowa ke cewa a fara, wato zaman da ma'aikata ke yi su karanta takardar bincike guda su tattauna ta. Ra'ayina shi ne yawancin wanda anka fara yana mutuwa tun wurin zaɓen takarda, kafin ma a zauna. A ce wa ƙaramar nas ke za ki gabatar wata mai zuwa, ita kuma ta shiga Google cikin dare ta ɗauko duk abin da ya fara fitowa kyauta, shafi 20 kan wani magani da ba mu da shi a famasi kuma ba mu ke rubuta shi ba, ta zo ta karanta silayid ɗaya bayan ɗaya, a tafa mata a watse. Zama na uku sai ka ga mutum huɗu. To wa zai bar gida da zafin nan ya zo sauraren abin da ba zai taɓa aikinshi ba?

Takarda daga wod ya kamata ta fito. A aje ɗan littafi a teburin nas, duk wanda gardama ta taso mishi a bakin aiki ya rubuta, bayan awa nawa ake juya mara lafiya da ba ya iya motsi, da mi ake wanke ciwon mai suga, yaushe ake cire kateta. Daga nan ake ɗauko tambaya guda, kuma sharaɗina ta kasance abin da ke hannun nas, wanda in anka yarda gobe ma ana iya canza shi ba tare da jiran sabon inji daga Abuja ba.

Bari in ɗauki guda in bi ta har ƙarshe, don magana a sama ba ta da amfani. Kanula. Da yawanmu an koya muna a canza ta duk bayan kwana 3 ko da lafiyarta lau, wasu kuma na barinta sai ta toshe. Wane ne daidai? Kafin a taɓa waya a tsara tambayar da tsarin PICO, wato su wa ake magana a kai, mi za a yi musu, da mi za a gwada shi, kuma wane sakamako ake dubawa. A namu, manya da ke kwance da kanula a hannu, a bar ta sai an ga dalilin cirewa, a gwada da canzawa duk kwana 3, abin dubawa kuma kumburin jijiya. In tambaya ta tsaru haka kalmomin bincike da kansu suke fitowa, ka sa `peripheral intravenous catheter replacement phlebitis` a PubMed, rumbun takardun binciken lafiya na intanet, ka danna tacewa ta `Randomized Controlled Trial`. Akwai AJOL don mujallun Afirka, akwai Hinari da WHO ta kafa don ƙasashe irin namu, wanda ke kusa da laburaren UDUTH ko na kwalejin jinya ya tambayi mai kula da wurin. A yi hattara da mujallun nan masu karɓar kuɗi su buga komi cikin sati guda, in ba ka ga sunan mujalla a PubMed ba kuma babu wanda ya san ta, ka tambayi na gaba da kai kafin ka ɗora ma mutane.

Takardar da zan zaɓa ita ce ta Claire Rickard da abokan aikinta, wadda ta fito a mujallar The Lancet a 2012. Ita kanta nas ce, wannan kaɗai yana sa 'yan wod su gyara zama. An yi binciken a asibitoci 3 a Queensland ta ƙasar Ostareliya, da manya 3,283. An raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, 1,690 ana canza musu duk kwana 3, sauran 1,593 kuma sai in an ga dalili. Kumburin jijiya ya samu mutum 114 a kowane ɓangare, kusan kashi 7 cikin ɗari ke nan nan da can.

Yanzu tsarin zaman. Ni minti 40 nake gani, sau ɗaya a wata, daidai lokacin da masu safe ke miƙa ma masu yamma, bayan an yi azahar, don lokacin shif biyu ke haɗuwa. A bar mutum ɗaya ko biyu a kan marasa lafiya, wata mai zuwa a yi musanya. Masu dare a tura musu saƙon murya na abin da anka tattauna. Takardar ta shiga guruf sati guda kafin ranar, amma mu faɗa ma juna gaskiya, rabi ba za su karanta ba, saboda haka mai gabatarwa ta rubuta shafi guda a yi fotokofi. Firojekta ba dole ba ne, in anka ɗauke wuta shi ke nan zama ya tashi.

Minti 5 na farko na mai jagoranci ne, ta faɗi tambayar ta kuma ce kowa ya faɗi yadda yake yi yanzu. Wannan wurin yana da daɗi, don nan za a gane a wod guda ana aiki iri uku. Sai minti 10 na mai gabatarwa, kuma goma ɗin nan goma ce. Su wa anka bincika, yaya anka raba su, mi anka auna, mi anka samu. Kada ta fara da dogon tarihin da ke shafin farko, kada kuma ta tsaya ga taƙaitawar sama kawai, ta buɗe teburin farko da ke nuna ko ɓangarorin biyu sun yi kama a shekaru da irin ciwo, sannan teburin sakamako. Turanci ko Hausa ko a gauraya duk ɗaya, in ta iya faɗin sakamakon da Hausa a jimla biyu to ta gane shi.

Minti 20 na tsakiya shi ne zaman kanshi. Akwai takardar tambayoyi ta CASP kyauta a intanet, wadda anka tsara don irin wannan binciken, amma a wod tambaya uku sun isa: a yarda da shi, mi ya samu, kuma zai yi aiki a nan?

Ta farko, ƙuri'a ta raba su, to ba wanda ya zaɓi masu kyawun jijiya ya kai gefe guda. Amma ba a iya ɓoye ma nas ko mara lafiya wane ɓangare yake, ai kowa na ganin an canza ko ba a canza ba, wannan rauni ne da ya kamata wani a ɗakin ya hango. Sai a duba mi suke kira kumburin jijiya, su sai alamu biyu ko fiye sun haɗu, kamar zafi, ja, kumburi, mugunya ko jijiya ta yi tauri kamar igiya. A nan zan so wata ta ɗaga hannu ta ce, sista, ja a fatarmu fa ba ya fitowa yadda yake fitowa a farar fata. Wannan tambayar ta fi silayid 30, don tana nufin mu sai mun taɓa, mun tambayi mara lafiya, kallo daga bakin gado bai isa ba.

Ta biyu ita ce wurin lissafi da kowa ke tsoro, alhali ba wuya. 114 cikin 1,593 ya ɗan haura 114 cikin 1,690, bambancin 0.41 cikin ɗari ne. Masu binciken tun kafin su fara sun ce in bambanci bai wuce kashi 3 ba za su ɗauka hanyoyin biyu daidai suke. Tazarar da sunka bayar ta inda gaskiyar ke iya faɗawa ta tashi daga -1.33 zuwa 2.15, duk tana cikin ukun nan. Iyakar lissafin ke nan. Wanda ya iya karanta wannan layin guda ya wuce matakin cewa “an ce bincike ya nuna”. Wani abin da mutane ke tsallakewa kuma, a ɓangaren da ba a canzawa sai da dalili kanula ta zauna kimanin awa 99 a matsakaici, ɗayan kuma awa 70. Bambancin kusan kwana guda ne. Takardar ba ta ce a bar kanula sati biyu ba, kada wani ya fita da wannan.

Ta uku ce ta fi damuna, kuma nan nake so a ɓata lokaci. A binciken nan kullum akwai nas ta musamman da ke zagayawa tana duba wurin kanula. Mu fa, da dare nas nawa ke kan gado nawa? Da mi muke liƙewa, abin liƙi mai nuna fata ko filasta da ta rufe wurin ruf har sai an ɓare za a ga abin da ke ƙasa? A watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato zufa na saki filasta, kanula na wasa cikin jijiya, ga mara lafiya zai yi alwala ruwa ya shiga. Muna rubuta ranar da anka sa? In ba mu rubutawa to maganar kwana 3 ma baki ce kawai. A ɗaya gefen kuma a wurare da yawa dangin mara lafiya ke sayen kanula da kuɗinsu, kowace canzawa kuɗi ce da sabon huji, ga wanda jijiyarshi ta riga ta ɓace. Saboda haka sakamakon yana da amfani gare mu ƙwarai, amma da sharaɗin dubawa a kowane shif da cirewa nan take in an ga alama ko an gama amfani da ita. In anka ɗauki rabin farko anka bar na biyu an cuci mara lafiya. Kuma manya anka bincika, 'yan wod ɗin yara su nemi tasu takardar.

Wani abu kan manya a ɗakin, Allah ya ba ku haƙuri. In metiron ta fara magana ta ce mu dai haka munka saba, an gama, babu ƙaramar da za ta sake buɗe baki. Mai jagoranci ta fara da ɗalibai da sababbin ɗauka, manya su yi magana a ƙarshe. Kuma takarda ake tuhuma, ba a mai da zaman wurin titsiye mai gabatarwa, in anka kunyata guda ba za a sake samun mai karɓa ba. Sabuwar nas a haɗa ta da wadda ta taɓa yi.

Minti 5 na ƙarshe a yanke abu guda a rubuta da sunan mai yi da rana. Janal kulob ba ya canza dokar asibiti, wannan sai an bi ta metiron da kwamitin hana yaɗuwar cuta, kuma takarda guda ba ta isa ba, a haɗa da bitar Cochrane da ta tattara bincike da dama kan wannan tambayar ta kuma kai ga kusan abu guda. Abin da wod ke iya yi da kanta shi ne na sati biyu a rubuta rana da lokaci a kan filastar kowace kanula, a duba ta a kowane shif a sa hannu, a rubuta dalilin cirewa. Zama mai zuwa minti 5 na farko a karanta abin da anka ƙirga, kanula nawa anka samu ba rana, nawa anka cire don kumburi, nawa anka tarar a hannu bayan an daina ba da magani ta jijiya. Da takardar ƙirgar nan ake zuwa ofishin metiron.